Layi uku a saman takardar neman aiki: jagora ga wanda ya gama digiri bai taɓa aikin albashi ba

A saman takardar tarihin karatu da ƙwarewa, wato wadda ake lodawa a gurbin da aka rubuta `CV` ko `Resume` a shafukan ɗaukar ma'aikata, akwai ɗan fili tsakanin sunanka da jerin makarantun da ka yi. Nan ake sa taƙaitaccen bayanin kai, galibi ƙarƙashin kan magana `Summary` ko `Profile`. Wanda ya shekara goma yana aiki ba ya shan wahalar cike wannan fili, sai dai ya zaɓi abin da zai bari. Wanda ya fito daga jami'a kwanan nan kuwa, a nan alƙalaminsa ke tsayawa, saboda yana ganin kamar wurin na masu tarihin aiki ne, shi kuma ba shi da shi. Sai ya cike shi da kyawawan halaye: haziƙi ne, mai ƙwazo ne, mai saurin koyo ne, yana neman wurin da zai bunƙasa. Duk wanda ya nemi gurbin nan zai iya rubuta haka ba tare da ya canza harafi ɗaya ba, shi ya sa mai tantancewa ke tsallake shi.

Mai ɗaukar aiki da ya buɗe gurbin sabon shiga ya riga ya san masu nema ba su taɓa karɓar albashi ba. Abin da yake nema shi ne alamar cewa ka taɓa yin wani abu mai kama da aikin da zai ba ka, ka kuma kai shi ƙarshe. Ko an biya ka ko ba a biya ka ba, wannan bai dame shi kamar yadda kake zato ba. Aikin layukan nan uku ke nan: su ɗauko wannan alama daga can ƙasan takardar, inda ido bai cika kaiwa ba, su ajiye ta a sama.

Kuma lokacin da kake da shi kaɗan ne. Kamfanin Ladders, mai shafin neman aiki, ya yi wani bincike a 2012 inda ya bi motsin idon masu tantancewa, ya ce kallon farko bai wuce daƙiƙa shida ba. Da ya maimaita a 2018 ya samu daƙiƙa 7.4. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, don haka kada ka ɗauki adadin a matsayin doka. Amma ya isa ya nuna maka cewa kallon farko na neman dalilin ci gaba da karatu ne kawai.

Girman filin

Kafin ka fara rubutu, ka san iyakar wurin. Faɗin takarda A4 santimita 21 ne. Idan ka bar gefe kamar yadda Word ya saba, santimita 2.54 dama da hagu, sauran wurin rubutu ya kusa santimita 16. Da rubutu mai girman 11 irin Calibri, layi ɗaya kan ɗauki haruffa casa'in zuwa ɗari har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Layi uku ke nan haruffa kusan ɗari uku, wato kalma arba'in da biyar zuwa hamsin da biyar. Da wannan za ka yi jimla uku. Ba dole kowace jimla ta tsaya daidai kan layinta ba. Ta tsakiya ta kan fi tsawo, haka kuma ya kamata.

Jimlar farko ta faɗi ko kai wane ne ta fuskar wannan aiki. Ta biyu ta kawo hujja. Ta uku ta faɗi gurbin da kake nema da abin da za ka yi a cikinsa. Amma ba a wannan jeri za ka rubuta su ba. Za ka fara da ta tsakiya, domin ita ke gaya maka abin da kake da ikon faɗa a sauran biyun. Haka kuma bayanin gaba ɗaya shi ne abu na ƙarshe da za ka rubuta, bayan ka gama sauran sassan takardar, tunda ba a taƙaita abin da ba a riga an shimfiɗa ba.

Domin maganar ta zauna, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ɗaliba ce ta gama digiri a ilimin ƙididdiga, ba ta taɓa aikin da aka biya ta ba, ta kuma ga sanarwar wani kamfanin rarraba kaya yana neman mataimakin mai nazarin bayanai.

Mataki na farko: karanta sanarwar da biro a hannu

Ba a rubuta taƙaitaccen bayani a sarari haka kawai, ana rubuta shi ne don amsa wata sanarwa. Ka fitar da sanarwar a takarda ko ka kwafe ta wani wuri, ka ja layi ƙarƙashin abubuwa iri uku: sunan gurbin yadda suka rubuta shi, kayan aikin da suka ambata da suna, da ayyukan da za a riƙa yi kullum. Ka bar sifofin da kowace sanarwa ke ɗauke da su, irin su iya mu'amala da jure matsin aiki. Ba wai ba su da amfani ba ne, sai dai ba za ka iya tabbatar da su cikin kalma hamsin ba.

A misalinmu, sanarwar ta nemi mai digiri a ƙididdiga ko tattalin arziki ko lissafi. Ta ce za a riƙa tsaftace bayanan da ke zuwa daga rumbunan ajiya, a haɗa rahoton mako-mako ga manaja. Ta ambaci Excel sau biyu, ta ce sanin SQL, harshen kwamfuta da ake zaro bayanai da shi, ƙarin fifiko ne. Abin da aka maimaita da abin da ya zo a farkon jeri su ne suka fi damun wanda ya rubuta sanarwar. A nan ya fito fili: Excel, tsaftace bayanai, da rahoton da ke fita a kan lokaci. Abu uku ke nan, kuma sun isa. Wanda ya yi ƙoƙarin amsa duk sharuɗɗa goma sha biyu na sanarwa cikin layi uku zai ƙare da jerin sunaye marasa hujja.

Mataki na biyu: tono abin da ka riga ka yi

Wannan ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda aka fi gudu. Ka samu farar takarda ka rubuta duk wani aiki da ka yi cikin shekarun karatu wanda ya haɗa abu uku: akwai wanda ya dogara da kai a kansa, akwai ranar da dole a gama shi, akwai kuma wani abu da ya fito daga gare shi wanda za a iya nunawa. Binciken kammala digiri ya shiga. Horon sanin makamar aiki ya shiga ko da ba a ba ka ko sisi ba. Muƙami a ƙungiyar ɗalibai, aikin sa-kai, koyar da ƙannen aji, taimaka wa sana'ar gida da lissafi ko da hulɗa da masu saye, wani abu da ka gina da kanka a kwamfuta, duk sun shiga. Halartar lacca da cin jarrabawa ba su shiga ba, domin digirin ya riga ya faɗi wannan.

A gaban kowanne, ka amsa tambayoyi huɗu. Me na yi da hannuna? Da wane kayan aiki? Yaya girmansa? Me ya fito? Tambaya ta farko ta fi sauran wuya a aikin rukuni, domin harshe kan zame ya ce "mun yi". Mai tantancewa ba rukunin zai ɗauka ba. Idan ku biyar ne kuka yi aikin kuma kai ka tsara takardar tambayoyi, to abin da za ka rubuta ke nan, ka bar wa sauran nasu.

Ga abin da ɗalibarmu ta tono. A binciken kammala digiri ta raba takardar tambayoyi, ta samu amsoshi 240, ta shigar da su Excel, ta cire 31 saboda maimaici ko rashin cikawa, ta yi nazarin sauran 209 a manhajar ƙididdiga ta SPSS. Ta riƙe ma'ajin ƙungiyar ɗaliban sashensu mai mambobi 180 tsawon shekara guda, ta kwashe lissafin daga littafin hannu ta mai da shi Excel, tana kuma karanta rahoton kuɗi a taron kowane wata. Ta yi horon wata uku a wani ofis inda yawancin aikinta jera fayil ne. Ta koyar da 'yan aji ɗaya darasin lissafi kyauta na zango biyu. Ta kuma fara wani kwas na SQL a intanet, ta kai rabi.

Lura cewa da aka fara tambayarta, amsar da za ta bayar ita ce ba ta da ƙwarewar komai. Ga shi kuwa abu biyar sun fito, biyu daga ciki sun yi daidai da abin da kamfanin ke nema.

Game da lambobi, ka yi amfani da waɗanda za ka iya komawa ka duba kawai. Adadin amsoshi yana cikin babi na uku ko na huɗu na bincikenka. Adadin mambobi yana cikin rajistar ƙungiya. Idan ba ka da tabbacin adadi, ka rage shi ka ce "fiye da 150", kada ka ƙara. Lambar da na fi so ka guje wa ita ce ta kaso cikin ɗari da ba a auna ba, irin "na inganta tsarin ajiyar bayanai da kashi 40 cikin ɗari". Wanda ya san aiki zai tambaye ka me ka auna kafin da bayan, kuma idan babu amsa, sauran lambobinka na gaskiya ma sun shiga zargi. Lambar girma, wato mutum nawa, wata nawa, shafi nawa, ta fi aminci ga sabon mai digiri a kan lambar sakamako.

Mataki na uku: jimlar hujja

Yanzu ka ajiye jerin abu uku na sanarwa kusa da jerin abubuwan da ka tono, ka zaɓi biyu kacal. Ma'aunin zaɓi shi ne kama da aikin da ake nema, ba girman suna ba. Horon ofis na wata uku shi ya fi kama da "aikin gaske" a ido, kuma mutane da yawa shi za su sa a gaba. Amma jera fayil bai amsa ko ɗaya daga buƙatun kamfanin ba, don haka ya zauna a sashensa can ƙasa. Koyar da lissafi abu ne mai kyau, sai dai ba malami suke nema ba. Binciken ya amsa tsaftace bayanai, muƙamin ma'aji ya amsa rahoton da ke fita a kan lokaci. Su ne za su hau sama.

Ga rubutun farko na jimlar:

"Na samu damar shiga ayyuka daban-daban a lokacin karatuna, ciki har da binciken kammala digiri da shugabanci a ƙungiyar ɗalibai, waɗanda suka ba ni ƙwarewa sosai a fannin bayanai."

Abin da ke ciki gaskiya ne, amma babu abin da mai karatu zai iya gani. "Samun damar shiga" bai faɗi abin da ta yi ba. "Shugabanci" ya ɓoye muƙamin, alhali ma'aji ya fi amfani a nan. "Ƙwarewa sosai" hukunci ne da ta yanke wa kanta. Gyaran shi ne a fara kowane ɓangare da aikatau na abin da hannu ya yi, a bi shi da adadi, sannan a faɗi inda aka yi:

"Na yi nazarin amsoshin mutum 209 a binciken kammala digiri, na kuma fitar da rahoton kuɗi na wata-wata ga ƙungiyar ɗalibai mai mambobi 180."

Gani ya kori ji. Ba ta ce tana da riƙon amana ba, amma wanda ya karanta ya san an ba ta kuɗin mutane ta riƙe. Ba ta ce tana kiyaye lokaci ba, "wata-wata" ya faɗa.

Akwai abu guda da nake so ka riƙe da kyau a wannan jimla: ka faɗi inda aka yi aikin a fili. Wasu kan cire "binciken kammala digiri" da "ƙungiyar ɗalibai" don a zaci a wani kamfani suka yi. Hakan ba ya ɗorewa, domin ido na sauka ƙasa zai ga babu kamfanin, sai mai karatu ya ji an yi ƙoƙarin yi masa wayo. Babu abin kunya a aikin ɗalibta da aka yi da kyau. A ɗaya gefen kuma, kada ka ba da haƙuri. Jimla irin "duk da cewa ba ni da ƙwarewar aiki" tana cin kalma takwas daga cikin hamsin don ta faɗi abin da ba a tambaye ka ba.

Mataki na huɗu: jimlar farko

Da hujja a hannu, jimlar farko ta zama mai sauƙi: digirinka, sai kayan aiki biyu ko uku da jimlar tsakiya ko sauran takardar za su iya tsaya musu.

"Mai digiri a ilimin ƙididdiga, mai aiki da Excel da SPSS wajen tsaftace bayanai."

To SQL fa, tunda sanarwar ta ambace shi? A nan ake jarabtuwa. Rabin kwas bai kai a jera shi kafaɗa da kafaɗa da Excel ba. Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne wannan: idan aka ajiye maka kwamfuta a wurin ganawa aka ce ka yi ƙaramin aiki da abin cikin minti goma sha biyar ba tare da ka buɗe darasi ba, za ka iya? Idan za ta iya rubuta tambaya mai `SELECT` da `WHERE` da `GROUP BY`, ta kuma haɗa tebur biyu da `JOIN`, to ta sa shi. Idan ba za ta iya ba, ya koma sashen ƙwarewa da bayanin cewa tana kan koyo. Haka Excel ɗin ma: a gurbin nazarin bayanai, wanda ya rubuta shi a layin farko ana sa ran ya iya `PivotTable` da `VLOOKUP` ko `XLOOKUP`, ba shigar da lambobi kawai ba.

Matakin digiri kuwa, ka sa shi a wannan jimla idan yana cikin na sama-sama ko kuma sanarwar ta gindaya shi a matsayin sharaɗi kuma ka cika. In ba haka ba, sashen karatu ya ishe shi. Sunan jami'a da shekarar gamawa su ma suna can, maimaita su a sama asarar wuri ce. Kada kuma ka ba kanka muƙamin da ba a taɓa ba ka ba. "Ƙwararriyar mai nazarin bayanai" a saman takardar da ba ta da ranar aiki ko ɗaya yana sa a karanta sauran da shakka.

Idan abin da ka karanta bai yi daidai da gurbin ba, misali ka karanta tarihi kana neman aikin kula da abokan ciniki, sai ka juya jimlar: abin da ka iya ya zo a gaba, digirin ya biyo baya a taƙaice.

Mataki na biyar: jimlar ƙarshe

A da, abin da ake sawa a saman takarda shi ne burin mai nema, kuma har yanzu za ka ga ragowarsa: "Ina neman wurin aiki mai ƙalubale inda zan bunƙasa basirata in cim ma burina." Matsalar wannan ita ce duk maganar a kan abin da kamfani zai yi maka ne. Jimlar ƙarshe ta ambaci gurbin da sunan da sanarwar ta ba shi, sannan ta ɗauko aiki guda daga cikin waɗanda za a ɗora maka. Da aka haɗa duka, bayanin ɗalibarmu ya zama haka:

"Mai digiri a ilimin ƙididdiga, mai aiki da Excel da SPSS wajen tsaftace bayanai. Na yi nazarin amsoshin mutum 209 a binciken kammala digiri, na kuma fitar da rahoton kuɗi na wata-wata ga ƙungiyar ɗalibai mai mambobi 180. Ina neman gurbin mataimakiyar mai nazarin bayanai, domin haɗa rahoton mako-mako."

Kalma kusan hamsin, haruffa wajen ɗari uku. Duk abu ukun da aka ja wa layi a sanarwa sun bayyana, kuma kowanne na da abin da ya tsaya masa. Idan sanarwar da wani harshe aka rubuta ta, da shi za ka rubuta bayanin, ginin dai bai canza ba. Ka kwafi sunan gurbi da sunayen kayan aiki harafi da harafi yadda suke a sanarwar.

Idan ya zarce zuwa layi na huɗu, kada ka rage girman rubutu ko ka matse gefen takarda. Ka fara cire sifofi, sannan kalmomin ƙarfafawa irin "sosai" da "matuƙa", sannan kayan aiki na uku. Jimlar hujja ita ce ta ƙarshe da za a taɓa.

Sanarwa ta biyu, bayani na biyu

A ce ɗalibar nan ta ga wani gurbin, na mataimakiyar jami'in horaswa a wata ƙungiyar ilimi, inda ake son wanda zai tsara zaman darasi ya kuma riƙe rajistar mahalarta. Tarihinta bai canza ba, amma zaɓin ya canza. Koyarwar da aka bari a baya ita ce yanzu ta farko, SPSS kuma ba shi da aiki a sama:

"Mai digiri a ilimin ƙididdiga, mai koyar da lissafi da riƙe rajista a Excel. Na koyar da 'yan aji ɗaya darasin lissafi na sa-kai tsawon zango biyu, na kuma riƙe rajista da asusun ƙungiyar ɗalibai mai mambobi 180. Ina neman gurbin mataimakiyar jami'in horaswa, domin tsara zaman darasi."

Saboda haka kada ka jefar da farar takardar mataki na biyu. Ita ce rumbunka, kuma da ita sauya bayani don sabuwar sanarwa ba zai wuce minti goma ba. Sai dai ka yi hattara da kuskuren da wannan sauyi ke haifarwa: aika wa kamfani takarda mai ɗauke da sunan gurbin wani kamfanin. Ka sa sunan kamfanin a sunan fayil ɗin da kake aiki a kai, ka kuma karanta jimla ta uku kafin kowace aikawa.

Idan takardar ta fito kusan fara

Wani zai yi mataki na biyu da gaskiya ya tarar ba shi da komai sai bincike, kuma binciken ma na karance-karance ne, babu bayanan da aka tattara. Hujja ɗaya mai ƙarfi ta isa jimlar tsakiya. Sai ka faɗaɗa ta da tsawon aikin, yawan majiyoyin da ka tace, da kuma ko ka kare shi a gaban malamai. Idan kuwa ita ma ba ta kama da gurbin da kake so ba, maganin ba a kalmomi yake ba. Ka ware mako biyu ka yi ƙaramin aiki na gaske. Mai neman aikin bayanai zai iya sauke bayanan da Bankin Duniya ke bayarwa kyauta ko wani tarin bayanai daga shafin Kaggle, ya ɗauki tambaya guda, ya tsaftace, ya fitar da rahoto mai shafi biyu. Mai neman aikin manhaja ya gina abu ƙarami mai aiki ya ajiye a GitHub, shafin da masu manhaja ke nuna aikinsu. Mai neman aikin rubutu ya rubuta samfuri uku irin waɗanda gurbin ke buƙata. A bayanin sai ka kira shi da sunansa, aikin da ka yi don kanka, ka kuma sa adireshin inda za a gan shi a sashen ayyuka.

Inda za a ajiye shi, da gwajin ƙarshe

Kamfanoni da yawa na karɓar takardu ta manhajar tantance masu nema, wadda ke zare rubutu daga fayil ta zuba shi a gurabenta, masu ɗaukar aiki kuma su yi bincike a ciki da kalmomi. Wasu daga cikin irin waɗannan manhajoji kan tsallake ko su hargitsa abin da aka sa a `Header` ko cikin `Text Box` ko a tebur. Don haka ka rubuta bayanin a jikin takardar kai tsaye, ƙarƙashin suna da hanyar tuntuɓa, da rubutu iri ɗaya da sauran. Bayan ka adana shi a PDF, ka buɗe, ka zaɓi dukkan rubutun, ka kwafa ka liƙa a Notepad. Idan layukan uku sun fito a jere kuma a wurinsu, to ana iya karanta su. Idan ba su kwafu ba, fayil ɗin hoto ne, sai ka sake fitar da shi daga Word.

Sai gwaji uku na ma'ana. Ka rufe sunanka ka tambayi kanka ko abokin ajinka zai iya sa nasa sunan a kan wannan bayani; idan zai iya, jimlar tsakiya ba ta yi aikinta ba, ka koma mataki na biyu. Ka ba wani wanda bai san sanarwar ba ya karanta sau ɗaya, ka karɓe takardar, ka tambaye shi wane aiki kake nema da abu ɗaya da ka taɓa yi. Idan ya kasa amsa ta farko, laifin jimla ta uku ne. Idan ya kasa ta biyu, hujjar ta nutse cikin kalmomi.

Na ukun shi ne ka ɗauki kowace lamba da kowane suna a bayanin ka mai da shi tambayar ganawa, domin daga nan masu ganawa kan fara. Ɗalibarmu ta shirya wa waɗannan: me ya sa 209 ba 240 ba, da wace ƙa'ida ta cire 31, wane gwaji ta yi a SPSS kuma me ya nuna, me rahoton wata-wata ke ƙunshe da shi, me take yi idan lissafin wani wata bai daidaita ba. Duk wadda za ta iya yi wa bayanin minti ɗaya ba tare da kame-kame ba, ta zauna. Wadda ba za ta iya ba, ko dai ta koma ta karanta babin bincikenta ta tuna, ko ta cire ta ta sa wata hujjar daga rumbunta. Ka kuma tabbatar kowace lamba da ke sama ta sake bayyana a sashenta na ƙasa ba tare da saɓani ba: idan sama ta ce 209, sashen bincike ma 209 zai ce, tare da bayanin 240 ɗin da aka fara da su.